Kwanan watan da ke jikin kwali bai san zafin Anka ba

Akwai wata magana da ta zama garkuwar mai sayar da kayan abinci daga Gusau har Anka, daga Bukkuyum har Gummi: "Bai yi esfaya ba." Da zarar an faɗe ta, gardama ta mutu. Mace ta ɗaga gwangwanin madara da ya kumbura, ko ta nuna kifin da cikinsa ya saki, sai mai shago ya juya kwalin ya ɗora yatsa a kan wasu lambobi ya ce, "Inna, ki duba da kanki, sai baɗi zai ƙare." Ita ba ta iya karanta lambobin ba, shi ma rabin abin da ke rubuce ya sani, amma maganarsa ce za ta ci. Ta biya, ta kai gida, ta ba yaro.

Wannan magana ta ishe ni. Tana cutar da mutane, kuma akasarin waɗanda take kwantarwa ƙananan yara ne da ba su da bakin ƙorafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, sau da yawa mai shagon ba ƙarya ya yi ba. Lambobin suna nan yadda ya faɗa. Sai dai alkawarin da lambobin suka ɗauka yana da sharaɗi, kuma an karya sharaɗin tun kafin kayan su wuce mararrabar Mayanchi.

Kwanan watan da kamfani ke bugawa iri biyu ne, mu kuma mun cure su wuri ɗaya mun kira su esfaya. Na farko shi ne wanda ake rubutawa "Best Before", ko a taƙaice BB. Wannan wa'adin inganci ne. Kamfani yana cewa har zuwa ranar nan biskit ɗinsa zai kasance da ƙarfinsa, taliya da kamanninta, madarar gari da ƙamshinta da sinadaran da ya yi alkawari. Bayan ranar, kaya na iya rage daɗi, amma ba lallai ne ya zama cuta ba. Na biyu shi ne "Use By", wanda wasu ke rubutawa EXP. Wannan wa'adin lafiya ne. Ana sa shi a kan abin da ƙwayoyin cuta ke iya hayayyafa a cikinsa, irin madarar ruwa mai zama a firji da naman da aka sarrafa, kuma idan ranar ta wuce ba a sayarwa, ba a ci, ko da idonka da hancinka sun ce lafiya lau. MFD kuwa ranar da aka yi kayan ce kawai.

Ba ni na ƙirƙiro wannan rabe-raben ba. Hukumar Kodeks, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963, tana da ƙa'idar rubutun jikin kayan abinci tun 1985, kuma a 2018 ta sake gyara sashen kwanan wata. Najeriya na cikin wannan hukuma, NAFDAC ma tana da nata dokokin lakabin kayan abinci da ke bin wannan sawu. A cikin ma'anar kowanne daga wa'adin nan biyu an saka abu guda: lissafin yana aiki ne muddin an ajiye kayan a yanayin da aka rubuta. Wa'adin inganci kuma ya ƙara da cewa muddin ba a buɗe ba. To, wannan "muddin" ɗin shi ne dukan zancen, kuma shi ne abin da babu mai tambaya a kasuwanninmu.

Mu ɗauki kwalin kifin ƙanƙara, wanda ake sarowa daga ɗakunan sanyi na birni a kawo wa masu suya da masu tebur. A jikinsa za ka ga an ce a ajiye shi a digiri 18 ƙasa da sifili, kuma za ka ga wa'adi mai tsawo, shekara ɗaya ko fiye. Yawanci wa'adin inganci ne ake buga masa, ba na lafiya ba, kuma akwai dalili. A wannan sanyi ƙwayoyin cuta ba sa mutuwa, amma ba sa iya hayayyafa, saboda haka abin da kawai ke samun kifin a hankali shi ne bushewa da canjin ɗanɗano. Kamfanin da ya daskarar da shi a bakin teku ya faɗi gaskiya.

Yanzu a bi kwalin nan. Ya sauka a tashar jiragen ruwa ta kudu, ya hau motar sanyi zuwa arewa, ya shiga ɗakin sanyi da rayuwarsa ta rataya a kan janareta da farashin man dizal. Daga nan ɗan sari ya ɗauko shi da safe ya jefa a bayan motar haya tare da buhunan siminti da fasinja, ya bi ta Bungudu da Maru ya karya zuwa Anka, ana tsayawa a shingayen bincike, a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ke kusantar digiri 40. Wanda zai wuce da shi Bagega ko ƙauyuka irin su Duza da Dareta sai ya ɗaure shi a bayan babur. Kafin la'asar kifin gefen kwali ya narke sarai. Abin da bai ƙare ba a ranar a mayar da shi firjin da ke samun wuta awa kaɗan, ko a zuba masa ƙanƙarar leda a kula. Gobe a sake fito da shi.

A daidai lokacin da kifin nan ya narke, ya tashi daga sahun kayan da ke da wa'adin inganci ya koma sahun kayan da ke da wa'adin lafiya, kuma wa'adin nasa ya dawo kwana ɗaya ko biyu a cikin firji mai aiki, awanni kaɗan a kan tebur. Rubutun jikin kwalin bai motsa ba. Har yanzu yana cewa sai baɗi. Ya zama kamar takardar filin da gulbi ya riga ya cinye: sa hannu daidai, hatimi daidai, fili babu.

Ga kuma abin da ya kamata kowace mai girki ta sani. Ire-iren kifin teku masu duhun nama da maiƙo, irin titus da sadin, idan suka ɗumama ƙwayoyin da ke jikinsu suna haifar da wani sinadari da ake kira histamin. Wannan sinadari ba ya jin wuta. A soya kifin har ya yi ƙarau, a dafa shi cikin miya awa guda, a mayar da shi ƙanƙara, yana nan daram. Wanda ya ci, cikin mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu sai fuska ta yi zafi ta yi ja, jiki ya kama ƙaiƙayi, kai ya sara, zuciya ta riƙa bugawa, wani har da amai da gudawa. Wasu tun a baki suke jin wani yaji-yaji da ba na barkono ba. A gidajenmu sai a ce ai wane kifi bai karɓe shi ba, ko a ce maiƙo ne ya tayar masa da shawara. Babu wanda zai koma ya tuhumi tafiyar da kwalin ya yi a rana.

Ana iya gane kifin da ya narke aka sake daskarar da shi. Kwalin yakan yi tabon ruwa da jini ya yi laushi ya lanƙwashe. A cikin ledar za a ga dunƙulen ƙanƙara mai launin ja-ja ta taru a ƙasa, kifayen sun manne da juna sun karkace. Idan ya saki, ciki yakan yi taushi har ya fashe, ido ya faɗa, yatsa ya bar rami a jikin naman. Waɗannan alamu sun fi kwanan watan faɗin gaskiya nesa ba kusa ba. Amma kada a dogara da su ɗari bisa ɗari, domin histamin na iya taruwa a kifin da bai fara wari ba.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani cewa guba ba ta da wari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, Duza, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, 'Yargalma, daga baya aka gano girman ta'asar a Bagega. Ƙurar dutsen zinariya da aka niƙa a cikin gida ta sauka a tsakar gida, a kan hatsi, a hannun yaro mai rarrafe, ba ta canza ɗanɗanon tuwo ba ko kaɗan. Ƙwayoyin cutar abinci masu haɗari ma haka suke. Waɗanda ke sa abinci wari da yauƙi daban, waɗanda ke kai yaro asibiti daban. Shi ya sa shinshinawa da ɗanɗanawa suna da amfani a kan kayan wa'adin inganci, amma ba su da hurumi a kan kayan wa'adin lafiya.

Kuma ba kifi kaɗai ke sauya sahu ba. Madarar gwangwani ta ruwa tana iya shekara a kan kanta ba firji, saboda an dafa ta a rufe. Mai shayi ya huda ta da asuba, ya ajiye kusa da wuta, ya ci gaba da tsiyayawa har dare: tun hudar farko wa'adin jikinta ya daina aiki. Madarar gari busasshiya ce, ƙwayoyin cuta ba sa iya yaɗuwa a cikinta, amma da an dama ta da ruwa ta zama ɗanyar madara. A ɗumi irin namu wasu ƙwayoyin suna ninka kansu duk minti 20. Ɗaya ta zama 8 a awa guda, 64 a awa biyu, ta haura miliyan biyu a awa bakwai. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba sanyi ba zafi, kuma madarar jarirai da aka dama a zubar da ragowarta bayan awa biyu. Hukumar ta kuma ce garin madarar jarirai ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta tun daga kamfani, don haka a dama shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, sannan a huce. Uwa nawa ce a Duza aka taɓa gaya mata wannan da harshenta? Abin da aka koya mata shi ne ta sa a duba mata ko ya yi esfaya.

Har a kan busassun kaya ma, zafi yana cin wa'adi ta ƙarƙashin ƙasa. Masana harhaɗa abinci suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin lalacewa. Ƙiyasi ne, ya danganta da irin kaya, amma ya isa a yi lissafi da shi. A ce gwangwanin madarar gari an ba shi wata 24 bisa zaton zai zauna a wuri mai digiri 25. Idan ya zauna a shagon kwano da matsakaicin zafinsa dare da rana ya kai 35, kowane wata ɗaya yana cin wata biyu. Bazara ɗaya, daga Maris zuwa Mayu, ta cinye wata shida. Idan kuma an jera shi a bakin ƙofa inda rana ke dukansa ya kai 45, kowace awa a wurin tana cin awa huɗu. Maiƙon cikin madarar ya fara maƙaƙi, garin ya dunƙule ya yi duhu, bitamin ya ragu. Wannan ba zai kashe yaro yau ba, na yarda. Amma uwar da ta sayar da akuya don ta sayi abin gina jiki ta sayi rabin abin da ta biya. Haka man girki: tun 2002 doka ta wajabta sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa a Najeriya, shi ne dalilin hoton ido da ke jikin kayan. Hasken rana yana kashe wannan bitamin. Sai ga shi muna juye man a farar kwalba muna jera shi a rana tun safe har magariba.

Aka ce a ajiye "a wuri mai sanyi, busasshe". Ina wurin yake a Anka a watan Afrilu? Ina yake a Gummi a watan Agusta, lokacin da laima ke hawa bango, balle shekara irin 2024 da ambaliya ta shiga gari? Kamfanin da ya buga wannan jimla ya san sarai inda kayansa za su je, domin dillalansa ne ke kai su. Ya rubuta sharaɗin da ya san ba za a iya cikawa ba, da ƙananan baƙaƙen da sai an ƙanƙance ido, da Turanci, wani lokaci har da Faransanci saboda kasuwar ƙasashen maƙwabta, amma babu kalma ɗaya ta Hausa. Ranar da wani ya kwanta, kamfani zai ce shi ya faɗa. Wannan ba gargaɗi ba ne ga mai saye, mafaka ce kamfani ya gina wa kansa. Ga shi kuma wasunsu suna buga EXP a kan biskit da taliya da komai da komai, sun ƙara cakuɗa abin da ya kamata su rarrabe, har mutum ya kasa sanin wane wa'adi ne na daɗin baki, wane ne na rai.

A tuna watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da man fetur, aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Babu mai, babu janareta. Babu kasuwa, kaya sun kwanta a shago. Duk abin da ke cikin firji a wancan lokaci ya fita daga sharaɗinsa, amma babu lamba ɗaya da ta canza a jikin kwali. Irin wannan tsaiko kuwa bai ƙare da 2021 ba. Duk ranar da hanya ta rufe, ko direbobi suka ƙi tashi don tsoro, kaya na kwana a rana.

Sannan ga babbar ɓaraka da dokar lakabi ba ta ma hango ba. Talakan Duza ba ya sayen gwangwani. Ƙulli yake saye. Ana buɗe buhun madarar gari mai kilo 25 a auna da cokali a ƙulla a leda. Sukari, man gyaɗa, garin lemo, duk haka. Kwanan wata ya tsaya a jikin buhun, buhun kuma an yi shimfiɗa da shi ko an sayar. Ƙullin da ya isa hannun uwa ba shi da suna, ba shi da rana, ba wanda ya san yaushe aka buɗe uwar buhun ko hannu nawa ya shiga. Da yawa daga cikin wannan madara ma an cire mata man shanunta an maye da man itatuwa, ba ta dace da jariri ba, kuma wannan bayanin shi ma yana can jikin buhun da ba ta gani ba.

Abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021 ya isa ya girgiza mu. Mutane suka sha lemon da aka haɗa da garin lemo da ɗan tsami, suka fara amai da fitsarin jini. Gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, kusan 400 sun kwanta asibiti. Labarin da ya fara zagaya gari shi ne an sha lemon da ya yi esfaya, kuma gaskiya ne an kama kayan da wa'adinsu ya wuce. Amma da NAFDAC ta gwada, sai ta sanar cewa abin da aka sayar da sunan ɗan tsami wani sinadarin masana'antu ne mai guba da ake kira haidiroksilamin. Farin gari ne aka raba shi da buhunsa da sunansa, ya bi hannu-hannu har ya shiga kofin mutane. Da a ce duk garin lemon nan sabo ne fil, da hakan bai hana gubar aiki ba. Tambayar esfaya ita kaɗai ba ta isa ta ceci ko mutum ɗaya ba a ranar.

Kada wani ya ɗauka ina wanke masu kwaso kayan da wa'adinsu ya wuce daga birni su zube su a kasuwar ƙauye don sun san ba mai karantawa, ko masu goge lamba su buga sabuwa. Waɗannan azzalumai ne, a kama su. Abin da nake cewa shi ne mun ɗora tsoronmu a inda bai kamata ba. Biskit ɗin da ke rufe ruf, ya wuce wa'adin inganci da mako biyu, bai yi laushi ba bai yi maƙaƙi ba, ba shi ne zai kai yaro asibiti ba. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakin ɗinki, ko da saura shekara biyu a wa'adinsa, shi ne abin gudu, kada ma a ɗanɗana, domin gubar da ke iya taruwa a gwangwani tana shanye jiki har ta tsayar da numfashi. A Turai damuwarsu ita ce mutane na zubar da lafiyayyen abinci saboda ruɗanin kwanan wata, har manyan kantuna a Birtaniya suka cire wa'adin inganci daga jikin 'ya'yan itace da kayan lambu. Mu namu ruɗanin ya juya baya ne: muna cin wanda ya lalace saboda lamba ta ce ba komai. Kwafo tsarin ƙasar da kowane gida ke da firji mai wuta dare da rana, a liƙa shi a ƙasar da asibiti ma ke neman wuta, ba tare da an gyara komai ba, sakaci ne.

Ina da tambaya ga hukumomi, kuma ba NAFDAC kaɗai ba. Ana tara lalatattun kaya a cinna musu wuta a gaban 'yan jarida, madalla. Duba kwanan wata aiki ne mai sauƙi, ido kawai yake bukata. Amma ina ma'aunin zafi? Ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi suna da ma'aikatan duba-gari, kuma asalin aikinsu ke nan: shiga kasuwa, mahauta, rumfar mai abinci. Ma'aunin zafi na hannu ba ya kai kuɗin man motar shugaban ƙaramar hukuma na yini ɗaya. A ba duba-gari shi, a koya masa lambobi biyu kacal, ƙasa da digiri 5 ga kayan firji, 18 ƙasa da sifili ga kayan ƙanƙara, a ba shi ikon ya ce wannan kwalin ba zai shiga kasuwa ba ko da wa'adinsa sai baɗi. Sarkin kasuwa kuma ya kafa wa masu ƙulli sharaɗi: buhun da ake aunawa ya zauna a gaban rumfa da rubutunsa, a rubuta ranar da aka buɗe shi da alli ko biro, kowa ya gani.

Zamfara ce ta fara shelar aiki da shari'a a 1999, kuma muna alfahari da haka. To, a cikin hukuncin ciniki ɓoye aibin kaya haramun ne. Kowane ɗalibin zaure ya san labarin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tura hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Aibin nan na ajiya ne, ruwan sama ne ya taɓa kayan. Ɗan kasuwar da ya san firjinsa ya kwana biyu ba wuta, ya sake daskarar da kifin, ya nuna wa mai saye kwanan wata, ya yi daidai abin da aka tsawatar a kai. Ina son in ji limamanmu sun faɗi haka a huɗuba, in ji Hisba ta tambayi firji kamar yadda take tambayar mudu.

Kamfanoni kuwa kada su ce babu dabara, domin dabarar tana hannun 'yan matan da ke bi gida-gida da akwatin rigakafi a ƙauyukan nan. Tun 1996 ake liƙa wa kwalbar rigakafin shan-inna wata 'yar alama: da'ira mai duhu, a tsakiyarta ɗan fili mai kusurwa huɗu mai haske. Duk zafin da kwalbar ta sha yana ƙara wa ɗan filin duhu, kuma ba ya komawa baya ko an mayar da ita ƙanƙara. Idan duhunsa ya kai na da'irar, sai a jefar da kwalbar, ko da saura shekara a wa'adinta. Ba a bukatar Turanci, ba a bukatar boko, wadda ba ta taɓa shiga aji ba tana ganewa cikin minti ɗaya. Masu rigakafi sun yarda tun shekaru kusan talatin da suka wuce cewa a ƙasa irin tamu kwanan wata shi kaɗai ba shaida ba ne. Ba na cewa a liƙa wannan a kan kowace ledar biskit. A liƙa ɗaya a kan kowane kwalin kifi da na kaza da na madarar firji, inda kuɗin alamar ba zai taɓa farashin kwali ba. A rubuta sharaɗin ajiya da girman da aka rubuta kwanan wata, a gefensa, da Hausar boko da ajami, tare da kwana nawa kayan zai yi bayan an buɗe shi. Kamfanin da ke iya buga tallarsa da Hausa a gidan rediyo da allunan bakin titi ba shi da hujjar kasa buga gargaɗinsa da ita, kuma NAFDAC ce ke riƙe da lambar rajistar da ba ya iya sayar da ko leda ɗaya sai da ita.